Zan fito da sabon yaji, ya zan tsara bidiyon wata guda?

"Anti barka da warhaka. Ina Kano, na shekara 2 ina yi wa 'yan uwa yaji, yanzu na sa masa suna na buga sitika zan fito da shi wata mai zuwa, kala biyu ne, na daddawa da na tafarnuwa. An ce in dinga sa bidiyo kullum a TikTok da Instagram har wata guda, to ni da na zauna rubutawa a na huɗu na tsaya, duk dai robar ce nake juyawa. Ya ake tsara abin? Kuma maigida bai yarda in nuna fuskata ba."

Barka kadai ƙanwata, Allah ya sanya albarka a ciki. Abin da ya tsayar da ke a na huɗu shi ne robar kika zuba wa ido, ita kuwa roba gaba da baya da murfi kawai gare ta, in kika nuna su an gama. Ki ɗauke idonki daga kanta ki mayar kan matar da za ta saya, wadda ba ta san ki ba, ba ta taɓa jin sunan yajinki ba, tana kwance bayan Isha tana ta jan waya sai ga ki. Ita wannan matar kafin ta tura kuɗi akawun ɗin wadda ba ta sani ba akwai abubuwan da ke mata yawo a rai, da tsafta aka yi shi kuwa, ba irin mai ƙasa-ƙasa ɗin nan ba ne, da me ya fi wanda nake saya a bakin layi, wace ce ma mai yin sa, in na tura kuɗin zai iso ko an yashe ni. Duk bidiyon da za ki yi a watan nan amsar ɗaya daga cikin waɗannan ce, kuma ko wace tambaya ana iya amsa ta ta hanya 4 ko 5 ba tare da mai kallo ya ji an maimaita masa ba. Ni haka nake yi wa duk masu ƙananan sana'o'in da nake riƙe wa shafi, ranar farko ba ma taɓa kalanda, takarda muke ɗauka mu rubuta shakkun mai saya, daga baya a raba su a kan kwanaki.

Sannan maganar kullum ɗin nan, ki rage. Ke kaɗai ce mai daka, mai ƙullawa, mai ɗaukar bidiyo, mai amsa saƙo, ga gida ga yara, in kika ɗaura wa kanki 30 za ki yi 12 masu kyau sannan sauran su zama na sauke nauyi, daga nan sai shiru. Bidiyo 20 a kwana 30 ya ishe ki, kuma a cikin 20 ɗin ma 13 kawai za ki ɗauka kafin ki fara, 7 za ki bar gurbinsu a buɗe, zan faɗa miki dalili in mun zo wajen.

Fuskokin da za ki juya

Wadda ta fi kowace ƙarfi ga mai kayan ci ita ce yadda ake yin abin, kuma ita ce masu sana'a suka fi rainawa saboda su sun saba gani. Ke a wajenki gyaran barkono wahala ce kawai mai sa atishawa, amma mai kallo in ta ga hannu yana tsince tsinke da tsakuwa a faranti, ana cire hancin barkono ɗaya bayan ɗaya, an shanya tafarnuwa a kan farin ƙyalle an rufe da net saboda ƙuda da ƙura, to kin amsa mata maganar tsafta ba tare da kin furta kalmar tsafta ba. Wannan fuska ita kaɗai tana ba ki bidiyo 5 cikin sauƙi, ranar sayayya a Kasuwar Rimi kina ɗaga citta kina karyawa kina nuna yadda ake gane mai kyau da wadda ƙwaro ya ci, gyara da shanya, daka ko niƙa, tankaɗe, sai zubawa a roba da manna sitika. Wajen tankaɗen nan ki dakata sosai, ki kawo wayar kusa da rariya ta yadda za a ga jan garin yana sauka kamar yayyafi, tsakin yana zama a sama, kar ki sa kiɗa, ki bar ƙarar rariyar da bugun tafin hannu a gefenta, irin wannan mutane kan tsaya su kalla har ƙarshe ko da ba su yi niyyar sayen komai ba. Ba sai kin tona sirrin haɗinki ba, babu wanda ya ce ki faɗi awo, ki nuna aikin ki riƙe ma'aunin.

Ta biyu ita ce yajin a kan abinci. Mutum ba ya kwaɗayin roba, shinkafa da wake yake kwaɗayi, da zafinta tana tururi, an zuba mai ya gangara, sannan cokali ya zo ya barbaɗa yaji ya jiƙe ya yi duhu a inda ya taɓa man. Nan ma ba ki da matsalar ƙarewa, ɗanwake, awara, gurasa, dafaffen rogo, soyayyen dankalin Hausa, ƙwai, taliya da manja, kowanne bidiyonsa daban. Tunda kala biyu gare ki sai ki yi amfani da wannan fuskar ki raba musu aiki, na daddawa ga inda ya fi zama, na tafarnuwa ga nasa, don in ba ki bambanta su ba kwastoma za ta tsaya tana tambayar wanne zan ɗauka, kuma mai ruwan ido sau da yawa ba ta ɗaukar ko ɗaya. Ki ba wannan fuska bidiyo 5 ita ma.

Ta uku ita ce ke kanki, kuma a nan maganar maigida ta shigo. Kar ta dame ki ko kaɗan, ki bi abin da ya ce. Abin da mai saya ke nema ta ji akwai mutum a bayan kayan, kuma murya da hannu suna yin wannan aikin, akwai shafukan girki da yawa da ba a taɓa ganin fuskar mai su ba amma da an ji muryar an gane ta. Sharaɗin dai ki tsaya a abu ɗaya, muryarki ce a ko wane bidiyo, sallamarki iri ɗaya, faranti ko tire iri ɗaya, waje iri ɗaya. Kar yau ki sa muryarki gobe muryar ƙaninki jibi ta inji. Bidiyo 2 sun isa a nan, ɗaya ki ba da labarin yadda kika faro, wa ya koya miki, wa ya fara cewa ki sayar, da gaskiyarsa ba tare da ƙari ba, ɗaya kuma me ya sa kika sa masa wannan sunan.

Sai bakin waɗanda suka ci, sai kuma ciniki tsagwaronsa, wato nawa ne, wane girma, ya ake oda, ya ake kaiwa Kaduna ko Abuja ko Maraɗi. Wannan ta ƙarshen mata da yawa kunyarta suke ji, sai a yi wata guda ana nuna kaya masu kyau ba a taɓa faɗin kuɗi ba, ana cewa a zo inbos. Ni ban yarda da ɓoye farashi a kayan da ba su da tsada ba. Mai son saya in ba ta ga kuɗi ba sai ta ɗauka ya fi ƙarfinta ta wuce, wadda za ta turo saƙon kuma ta ci miki lokaci da nawa ne, ki amsa, ta ɓace. Ki faɗi kuɗin a baki ki kuma rubuta a jikin bidiyon, sannan ki riƙe robar a tafin hannunki ko ki ajiye ta kusa da kofin shayi don a ga ainihin girmanta, kamara tana ƙara wa abu girma, kuma rigimar "na ɗauka ta fi haka" tana kashe sabon suna da wuri.

Akwai wata 'yar fuska da nake so ki saka ko sau ɗaya, ta koyarwa, wadda ba talla a cikinta. Misali me ke sa yaji ya dunƙule musamman da damina, ki nuna cewa jiƙaƙƙen cokali ne da barin murfi a buɗe da barbaɗawa kai tsaye daga roba a kan tukunya mai tururi. Irin wannan shi mata ke turawa a guruf ɗin gidansu, kuma sunanki yana tafiya tare da shi.

Yadda za a zuba su a kan kwanaki

Ranar fitowa za ki fara tsayarwa, sauran duk a jikinta suke rataye. Da ni ce zan sa ta wajen 26 ga wata, lokacin da albashi ya fara shiga hannun mutane, in fara sakin bidiyo tun 16 ga wata. Kin ga kina da kwana 10 na share fage, mako guda na buɗe kasuwa daga 26 zuwa wajen 2 ga sabon wata, sai kwana 13 na riƙe wuta. In watan ya haɗa da azumi ko Babbar Sallah to lissafin ya canza, don yaji kasuwarsa tana tashi gab da layya saboda suya, sai ki ja ranar ta faɗo kamar kwana 10 kafin Sallah yadda na nesa ma zai samu kafin a yanka.

A kwana 10 na farko bidiyo 6 za ki saki, kuma ba ki sayar da komai tukuna. Ki fara da tankaɗen nan ko shinkafa da waken, wato wanda ya fi kyau a ido, kar ki fara da "assalamu alaikum sunana wance na zo muku da sabon kaya", babu wanda ya san ki balle ya tsaya jin gabatarwa. Na biyu kasuwa, na uku ɗanwake, na huɗu labarinki, na biyar gyaran barkono, na shida ranar 24 shi ne za ki nuna robar da sitikarta sosai a karon farko ki ce jibi ne, ga kuɗin, ga lambar. A ƙarshen kowanne daga cikin na farkon jimla ɗaya ta isa, ranar 26 yake fitowa. Ki lura ban jera aiki, aiki, aiki sannan abinci, abinci ba, ana cakuɗa su ne, fuska ɗaya ba ta biyo kanta sau biyu a jere, saboda wadda ta shigo shafinki ta duba bidiyo 3 na sama ya kamata ta ga abu 3 daban, yadda ake yi, yadda ake ci, da yadda ake samu.

Makon buɗewa kullum ne, bidiyo 7. Ranar 26 bidiyon ciniki zalla, gajere, kala biyun, girma, kuɗi, yadda ake oda, ki maƙale shi a saman shafi da abin nan na Pin don duk wanda ya shigo ya fara cin karo da shi. Washegari bambancin na daddawa da na tafarnuwa a kan abinci biyu. Sannan yadda kike naɗe saƙon nesa, ki nuna silin murfin, ki kifa robar ki girgiza a ga ba ta zuba, ki nuna ledar da kwalin da yadda ake rubuta suna a kai tasha. Wannan bidiyon ba shi da ƙawa amma shi ke kwantar da hankalin ta Zariya da ta Jos. Ragowar biyu na abinci ne, awara da gurasa misali. Biyar ke nan da kika riga kika ɗauka. Sauran biyun ba za su ɗauku ba sai an fara ciniki, ɗaya odar farko ta gaske kina haɗa ta, ɗaya kuma saƙon murya ko rubutun wadda ta fara ci.

A kan shaidar nan ina da magana. Ki nemi izini kafin ki sa saƙon kowa, ki rufe suna da lamba da hoton mutum, matar aure ce wataƙila ba ta so a ji muryarta a duniya. Kuma don Allah kar ki ƙirƙira, kar ki sa ƙawarki ta rubuto miki "wallahi ban taɓa cin irinsa ba" alhali ba ta ɗanɗana ba, ban da haramcin abin ma mutane sun ƙware da gane na bogi, duk yabo ne babu wani takamaiman abu. Ta gaske za ki ji tana cewa yarana sun cinye rabi da ƙwai, ko ya ɗan fi ƙarfina da zafi amma maigida ya so shi. Tunda kin shekara 2 kina yi wa dangi, kina da masu shaida na gaskiya tun yanzu, ki ba mutum 10 ƙananan robobi mako 2 kafin ranar ki ce su faɗi gaskiya.

Kwana 13 na ƙarshe bidiyo 7, biyu kawai ke hannunki, na dunƙulewar yaji da na ma'anar suna, biyar kuwa kwament da saƙonni ne za su ba ki su. Wannan shi ne dalilin barin gurbi. Duk iya tunaninki ba za ki hango abin da mutane za su tambaya ba, sai ki ga mutum 6 sun tambayi akwai maggi a ciki, ko yara za su iya ci, ko wata nawa yake yi bai lalace ba, ko akwai ƙuli a ciki don akwai waɗanda gyaɗa ba ta karɓe su ba. Duk tambayar da ta zo sau 3 ta zama bidiyo, kuma TikTok da Instagram duk suna ba da damar amsa kwament da bidiyo, tambayar ta fito a jikin allo, mai kallo ya ga ba ke kika ƙirƙiro ta ba. Wadda ta cike kwana 30 ɗinta tam tun farko ba ta da inda za ta sa waɗannan, ga shi kuma su suka fi kawo ciniki a abin da na gani.

Ɗauka

Kwana 2 za ki ware, ba kullum za ki dinga kafa waya ba. Rana ta farko ki haɗa ta da ranar da dama za ki yi yajin, ki ɗauki komai guntu-guntu, ko wane guntu sakan 5 zuwa 8, daga sama, daga gefe, daga kusa sosai, ki tara kamar 40 ko 50, daga cikinsu za ki yanka bidiyo 5 har da ragowar da za ki dinga cusawa a wasu. Rana ta biyu ta girki ce, ki dafa kala 4 ko 5 kaɗan-kaɗan, faranti ɗaya-ɗaya, ki ɗauka da zafinsu don tururin nan rabin kwaɗayin ne, ɗanwake in ya huce ya daskare babu editin ɗin da zai tashe shi. Murya kuma daban za ki ɗora daga baya, da daddare in gari ya yi shiru an kashe janareta, a ɗaki mai labule da katifa don kar ta yi amo.

Haske na safe ne, tsakanin ƙarfe 8 da 10, a bakin ƙofa ko inuwar baranda, hasken yana zuwa daga gefe ko daga bayanki ke mai ɗauka. Ranar tsaka tana ƙone kalar, jan yaji ya koma fari-fari, ƙwan lantarki kuma yana mayar da shi ruwan ƙasa kamar ya tsufa. Ki goge gilashin kamara da gefen mayafi kafin ko wace ɗauka, a kicin maiƙo yana hawa kansa ba ki sani ba, sai bidiyo ya fito da hazo ki ɗauka wayar ce ba ta da kyau. A tsaye za ki riƙe wayar, 9:16, in za ki fitar daga CapCut ki zaɓi 1080p. Rubutun da za ki ɗora ki sa shi tsakiya zuwa sama kaɗan, don ƙasan allo da gefen dama maɓallai da sunan shafi suna rufe su, na sha ganin lambar waya ta ɓuya a ƙarƙashin rubutun TikTok. Kuma ki ajiye asalin bidiyon a wayarki ki ɗora shi daban a ko wane waje, kar ki sauke daga TikTok da tambarinsa ki kai Instagram, tun 2021 Instagram suka sanar cewa suna rage tura bidiyon da ke ɗauke da tambarin wata manhaja.

Tsawo kuwa sakan 15 zuwa 30 ya ishi yawancinsu, labarinki ne kawai zai iya kaiwa 45 ko minti guda. Sakan 2 na farko su ne komai, abin da ya fi kyau shi za ki fara sawa, yajin yana sauka a kan awara, bayani ya biyo baya. Batun kiɗa, in kin mayar da shafinki na kasuwanci a TikTok za ki ga an taƙaita miki waƙoƙin da za ki iya sawa saboda haƙƙin mallaka, kar ki damu, muryarki da ƙarar turmi sun fi, kuma cikin masu sayenki akwai da yawa da ba sa son kiɗan dama.

Kar ki manta da Status na WhatsApp, don gaskiya odar makon farko yawanci daga nan take fitowa, daga waɗanda suka riga suka san ki. Shi awa 24 yake yi ya ɓace, saboda haka a can maimaici ba laifi ba ne, bidiyon farashi ki mayar da shi duk bayan kwana 2.

Abin da nake so ki kiyaye bakinki a kai shi ne maganar magani. Kar ki ce yana maganin sanyi ko basir ko yana sauke hawan jini, ko da kin ji ana faɗar haka game da tafarnuwa da citta. Abinci kike sayarwa, da'awar warkarwa hurumin NAFDAC ce kuma tana iya jawo miki abin da ba ki shirya ba. Tunda har kin kai ga roba da sitika, ki fara bin hanyar rajistarsu, manyan shaguna za su tambaye ki lamba, kuma kar ki buga wata lamba a sitika in ba taki ba ce.

Yadda za ki gane inda ya lalace

Kar ki yanke hukunci da bidiyo ɗaya ko biyu, sabon shafi haka yake, wani ya samu kallo 200 wani 3,000 ba tare da wani dalili bayyananne ba. Ki bari sai kin saki 6 ɗin farko sannan ki buɗe Analytics a TikTok ko Insights a Instagram, ki duba abu ɗaya, matsakaicin lokacin da ake kallo, ki gwada shi da tsawon bidiyon. In bidiyo sakan 25 ne ana barinsa a sakan 3, matsalar a buɗewa take, ki sake yanka shi ki fara da wani guntun, ba sai kin sake ɗauka ba. In ana kallo har ƙarshe ana layik amma babu mai turo saƙo, to ba ki faɗa musu abin da za su yi ba, ko lambar ba ta fito ba, ko babu linkin WhatsApp a bayanin shafi. In ana turo saƙo ana jin kuɗi ana yin shiru, wannan ba laifin bidiyo ba ne kuma, yawanci kuɗin kaiwa ne, roba ɗaya kuɗin mota ya kusa kai kuɗinta, maganinsa ki haɗa kala biyun a ƙunshi ɗaya ko ki ware rana ɗaya a mako da kike tura na ko wane gari gaba ɗaya.

Sannan ki samu littafi, duk wadda ta saya ki tambaye ta a ina kika gan mu, wane bidiyo. Yawan kallo yana ruɗi. Akwai wata mai turaren wuta da na yi aiki da ita, bidiyon da ya fi tashi a shafinta na hayaƙi ne yana murɗawa daga kasko, an kalle shi sosai, amma da muka duba littafin kusan duk masu sayen bidiyon naɗe kwalba suka ambata, wanda ko kashi ɗaya cikin goma na kallon wancan bai samu ba. Na farkon shi ya jawo su shafin, na biyun shi ya sa suka yarda suka biya, da mun bi yawan kallo kawai da mun daina yin wanda ke kawo kuɗin. Saboda haka guraben nan 5 na ƙarshe, bayan amsa tambayoyi, ki ba fuskar da littafinki ya nuna, ba wadda ta fi layik ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi jin tsoro saboda ya taɓa faruwa a hannuna. Wata mai dambun nama muka tsara wa wata guda, bidiyo na takwas ya tashi fiye da zatonmu, saƙo ya yi ta shigowa, robobi 40 ke ƙasa suka ƙare cikin kwana 2, aka koma wajen mai buga sitika ya riƙe ta kusan mako 3, kafin kaya su dawo waɗanda suka tambaya sun huce, wasu ma sun tura kuɗi suna jira har abin ya so ya zama rigima. Har yau abin yana min ciwo don matar ta yi wahala kuma kayanta na da kyau. Tun daga nan ba na barin kowa ta saki bidiyo na farko sai na ga kaya a ƙasa. Ke ma kafin 16 ga wata ki tabbatar da adadin da za ki iya yi a mako ke kaɗai, ki tanadi robobi da sitika ninki biyu na abin da kika cika, don su ne masu jinkiri, barkono kam ana samunsa a yini ɗaya. Ki sauke WhatsApp Business ki shirya amsar farashi da ta kuɗin kaiwa a Quick replies, ki sa wa kanki lokaci biyu a rana na amsa saƙo, bayan Azahar da bayan Isha. In kaya suka ƙare ki fito ki faɗa a bidiyo, ki ba da ranar da za su dawo wadda kika tabbatar za ki cika, kuma kar ki karɓi kuɗin kowa sai robar tana hannunki.

Wannan tsarin na kayan ci ne masu sauƙin kuɗi, waɗanda mutum zai gani yau ya saya gobe, mai sayar da kayan ɗaki ko leshi mai tsada wata guda share fage ne kawai a wajenta. Kuma iyakar aikin bidiyo ya kawo miki sayen farko, na biyu yajin ne zai kawo shi, don haka wajen 10 ga sabon wata ki bi waɗanda suka saya a makon buɗewa ɗaya bayan ɗaya ki tambaye su ya suka ji gishirin, ya zafin, ya ƙamshin daddawar, abin da suka faɗa ki rubuta a littafin nan, da shi za ki gyara haɗi na gaba kuma daga cikinsa za ki fitar da bidiyon wata na biyu. In kin rubuta jerin 13 ɗinki ki turo min in duba miki kafin ranar ɗauka.